Yadda Ake Gano Abin da Ke Hana Sanarwar Saƙo Shigowa a Waya, da Yadda Ake Gyara Shi

An turo maka saƙo da ƙarfe goma na safe, wayarka na aljihu, data a kunne, amma ko ƙyas ba ka ji ba. Sai bayan azahar ka buɗe WhatsApp, saƙonni suka yi ta kwararowa a jere, har da na wanda ya gaji da jira ya je ya yi cinikinsa a wani wuri. Mafi yawan mutane netiwok suke ɗora wa laifi. Wani lokaci da gaskiyarsu, amma sau da yawa wayar ce da kanta ta kwantar da manhajar barci don ta tattala caji, kuma wannan abu ne da mutum zai iya gyarawa da hannunsa ba tare da ya je wurin mai gyara ba.

Zan yi bayanin ne a kan wayoyin Android, musamman Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, in yi misali da WhatsApp, domin shi ne yake da alamar da za ta nuna maka inda saƙo ya maƙale. Da zarar ka gane hanyar a kansa, haka za ka bi wa manhajar banki ko Telegram ko wata.

Hanyar da saƙo ke bi kafin waya ta yi ƙara

Idan allon wayarka a kashe yake, manhajojin da ke cikinta ba sa zaman sauraren saƙo kowace da kanta. Da haka suke yi, da batir bai kai la'asar ba. Abin da ake yi shi ne, akwai wata manhaja guda ta Google mai suna Google Play services da ke riƙe da layi ɗaya a buɗe tsakanin wayarka da kwamfutocin Google. Kamar mai gadin gidan haya ne: kowa ya shiga ɗaki ya kwanta, shi kaɗai ke bakin ƙofa, baƙon kowa ya zo shi zai je ya ƙwanƙwasa masa. Idan aka turo maka saƙo, kamfanin WhatsApp zai sanar da Google, Google ya aiko da ɗan gajeren umarni ta wannan layi, Play services ta tashi WhatsApp, WhatsApp ya shiga intanet ya ɗauko saƙon, sannan ya nuna shi a allo tare da ƙara. Sunan wannan tsari Firebase Cloud Messaging.

To ka ga akwai wurare uku da abu zai iya lalacewa. Ko layin Google ya yanke, ko an zo tashin manhajar aka tarar wayar ta hana ta motsi, ko kuma saƙon ya iso lafiya amma an hana shi fitowa a allo. Maganin kowanne daban, shi ya sa bai kamata ka fara taɓa saituna ba sai ka san wanne ne naka.

Mataki na farko: gwaji da waya biyu

Samu wani na kusa da kai mai WhatsApp. Cire wayarka daga caji, domin dokokin tattalin batir ba sa aiki yadda suka saba idan waya na jone da wuta, kuma gwajin zai yaudare ka. Idan ka haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfuta ko wata waya, ka tabbata a kashe suke. Kashe allon, ka ajiye wayar a wuri ɗaya kamar rabin awa ba tare da ka taɓa ta ba. Sannan ka ce ya turo maka saƙo kai kaɗai, ba a guruf ba, ku zuba wa tasa wayar ido.

Alamar maki ɗaya na nufin saƙon ya bar wayarsa ya isa wurin WhatsApp, amma bai shigo taka ba. Maki biyu na nufin ya shigo. Saboda haka:

- Idan maki biyu suka fito nan take amma wayarka ba ta yi ƙara ba, saƙon ya iso, matsalar ta nuni ce. Je mataki na biyu.
- Idan maki ɗaya ya tsaya, sai da ka buɗe WhatsApp sannan ya koma biyu, an hana manhajar aiki a bayan fage. Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne mataki na uku da na huɗu.
- Idan ka buɗe WhatsApp ɗin ma saƙon bai shigo ba, ba maganar batir ba ce, datarka ce ko netiwok.

Mataki na biyu: saƙo ya iso amma shiru

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Danna tambarin manhajar ka riƙe, zaɓi App info, ka shiga Notifications. Tun daga Android 13, wanda ya fito a 2022, kowace sabuwar manhaja sai ta nemi izini kafin ta nuna sanarwa, kuma mutane da yawa suna danna Don't allow cikin gaggawa ranar da suka sauke ta, su manta. Idan babban makunnin a kashe yake, kunna shi. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan makunnai, na saƙon mutum ɗaya daban, na guruf daban, na kira daban. Wannan rabe-rabe ya zo ne da Android 8 a 2017, kuma yana iya yiwuwa ɗaya na kan Silent sauran lafiya lau.

Sai ka jawo saman allo ka duba Do Not Disturb. Wasu sun taɓa saita masa lokaci, yana kunna kansa da daddare ba su sani ba. A cikin WhatsApp kuma, hirar da ka yi wa Mute ko ka tura Archived ba za ta yi ƙara ba, kuma hakan ba lalacewa ba ce.

Mataki na uku: dokokin batir na Android kansa

A 2015, da Android 6 ya fito, Google ya shigo da wani tsari mai suna Doze. Idan waya ta daɗe a ajiye, allo a kashe, ba ta kan caji, sai ta rufe wa manhajoji hanyar intanet, ta riƙa buɗe musu ita na ɗan lokaci jefi-jefi su yi abin da za su yi. Tazarar da ke tsakanin buɗewar tana ƙara tsawo gwargwadon daɗewar wayar a ajiye. Wannan ne dalilin da ya sa imel da sanarwar labarai suke zuwa a dunƙule da ka ɗauki waya da asuba. Saƙonnin da aka yi wa tambarin gaggawa, irin na hira da kira, an yarda su ratsa wannan barci su shigo. Shi ya sa a ganina Doze shi kaɗai ba kasafai yake zama mai laifi a kan WhatsApp ba. Ya fi taɓa manhajojin da masu su ba su yi wa saƙonsu tambarin gaggawa ba.

A 2018 kuma Android 9 ya ƙara wani abu: wayar tana lura da yadda kake amfani da kowace manhaja, ta jera su aji-aji. Wadda kake buɗewa kullum tana da 'yanci sosai, wadda sai an yi kwanaki kake leƙawa ana ƙuntata mata. Manhajar bankin da ba ka buɗewa sai ƙarshen wata tana iya faɗawa ajin ƙasa ba tare da ka yi komai ba.

Gyaran yana cikin App info ɗin manhajar. Shiga Battery ko App battery usage. A wayoyin da ke da Android 12 zuwa sama za ka ga zaɓi uku: Unrestricted, Optimized da Restricted. Na tsakiyar shi ne na asali. Idan ka tarar da shi a kan Restricted, ka kama ɓarawonka, domin wannan ya hana manhajar aiki a bayan fage kusan gaba ɗaya. Yadda yake komawa can kuwa, wani lokaci waya kan fito da gargaɗi cewa manhaja kaza tana shan batir, mutum ya danna maɓallin da aka ba shi ba tare da ya karanta ba. Mayar da shi Unrestricted. A tsofaffin wayoyi sunan wurin Battery optimization, sai ka zaɓi Don't optimize.

Kada ka fita tukuna. A nan cikin App info akwai Mobile data & Wi-Fi ko Data usage. Tabbatar Background data a kunne yake. Idan kana amfani da Data Saver don kada data ta ƙare da wuri, kunna Unrestricted data usage ga wannan manhaja. In ba haka ba za ka ga abin mamaki: a kan Wi-Fi komai na zuwa a kan lokaci, da ka koma datar layi sai shiru. Duk wanda ya ga wannan bambanci, nan ya kamata ya fara dubawa.

Sai babban makunnin Battery Saver ko Power saving. An yi shi ne don lokacin da caji ya yi ƙasa, amma inda wuta ba ta da tabbas mutane da yawa suna barin sa a kunne dare da rana, kuma ba za a ga laifinsu ba. Sai dai muddin yana kunne, wayar tana matse ayyukan bayan fage fiye da kullum. Manhajar da ka ba Unrestricted galibi tana tsira daga wannan matsi. Amma babban wansa, wanda ake kira Ultra power saving ko Super power saving ko makamancin haka, shi ba ya sassauci: manhajoji kaɗan da ka zaɓa kawai yake bari su yi aiki. Idan WhatsApp ba ya cikin jerin, kada ka jira saƙo.

Mataki na huɗu: dokokin da kamfanin wayar ya ƙara

Nan ne aikin yake. Kamfanonin waya suna gasar wanda batirinsa zai fi daɗewa, don haka kowanne ya ɗora nasa dokokin a kan na Google, kuma sukan fi na Google tsauri. Sunayen wuraren suna canzawa daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka idan ba ka ga abu inda na ce ba, rubuta sunansa a wurin bincike da ke saman Settings.

Kafin sunaye, akwai abu ɗaya da ya kamata a fahimta. A Android, manhajar da aka yi wa Force stop ba ta karɓar kowace sanarwa ta layin Google har sai mai wayar ya sake buɗe ta da hannunsa. Wannan doka ce ta tsarin, ba kuskure ba ne. Matsalar ita ce, a wasu wayoyi, share manhaja daga jerin waɗanda ka buɗe kwanan nan, ko danna maɓallin nan mai siffar tsintsiya ko roka da ke alƙawarin ƙara wa waya sauri, yana yin aiki kusan irin na Force stop ga duk manhajar da ba a ba ta izinin tashi da kanta ba. Mutum ya gama hira, ya share komai don wayarsa ta yi sauƙi, ya ajiye ta yana jiran amsar da shi da kansa ya toshe wa hanya.

A Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ne ke yin su, buɗe Phone Master ka nemi Auto-start management, ka kunna wa WhatsApp da duk manhajar da kake buƙatar sanarwarta. Sannan ka buɗe jerin manhajojin kwanan nan, ka nemi alamar kwaɗo a kan WhatsApp ka kulle shi. A wasu samfura sai ka jawo hoton manhajar ƙasa, a wasu akwai ɗan maɓalli a samansa. Wanda aka kulle, tsintsiya ba ta share shi. Idan wayarka na da Freezer, leƙa ciki: duk manhajar da aka saka a nan a daskare take, ba ta aiki sam. Daga nan ka shiga sashen batir, wanda a wasu ake kira Battery Lab ko Power Marathon, ka karanta makunnan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke maganar rufe manhajoji ko yanke data idan allo ya mutu, kashe shi.

A Samsung, shiga Settings, sai Battery (a wasu yana ƙarƙashin Battery and device care), sai Background usage limits. Za ka ga Sleeping apps da Deep sleeping apps. Na biyun ne mai haɗari, domin manhajar da ke cikinsa ba ta aiki sai ka buɗe ta. Idan Put unused apps to sleep a kunne yake, wayar da kanta take tura manhajojin da ka kwana biyu ba ka taɓa ba. Cire taka daga can, ka saka ta a Never sleeping apps, wanda a sababbin wayoyi ake rubutawa Never auto sleeping apps.

A Redmi, Xiaomi da Poco, abu biyu ne: kunna Autostart ga manhajar, sannan a Battery saver na manhajar ka zaɓi No restrictions. Yin ɗaya ba tare da ɗayan ba yakan bar matsalar yadda take.

Wanda ke da WhatsApp biyu ta hanyar App Twin ko Dual Messenger ko Dual apps ya sani cewa na biyun yana da nasa saitin daban. Gyaran na farko bai shafe shi ba.

Shawarata ita ce kada ka buɗe wa kowace manhaja ƙofa. Zaɓi uku ko huɗu da rayuwarka ko kasuwancinka ya rataya a kansu, ka bar sauran su yi ta barci. Wasanni da manhajojin kallon bidiyo ba su da abin gaggawar da za su faɗa maka.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce wata mai sayar da atamfa da leshi tana karɓar oda ta WhatsApp Business a wayar Infinix. Kokenta shi ne, in tana gida da daddare saƙonni na zuwa daidai, amma da rana a shago sai ta buɗe manhajar take ganin su. Aka yi gwajin waya biyu a shagon: maki ɗaya ya tsaya, da ta buɗe ya koma biyu. An cire mataki na biyu ke nan, ba matsalar nuni ba ce.

Sai a tambayi me ya bambanta dare da rana. Da daddare wayar na jone da caji, kuma tana kan Wi-Fi na gida. Da rana tana kan batir da datar layi. Abu biyu ne suka canza lokaci ɗaya, don haka sai a raba su. Aka jona wayar da fawa banki a shagon, aka bar ta a kan datar layi, aka sake gwaji: har yanzu maki ɗaya. Da batir ne kaɗai matsalar, da cajin ya sassauta ta. Aka duba, sai ga Data Saver a kunne, WhatsApp Business kuma ba ya cikin waɗanda aka yafe wa. Aka kunna masa Unrestricted data usage, aka sake gwaji a kan caji, saƙo ya shigo nan take.

Da yawa a nan suke tsayawa, amma aikin bai ƙare ba. Aka cire cajin, ta share manhajoji kamar yadda ta saba, aka ajiye wayar rabin awa, aka turo saƙo: shiru. Ashe matsala biyu ce, ɗaya ta ɓoye ɗaya. Aka kunna Auto-start management, aka kulle manhajar da kwaɗo, aka buɗe ta sau ɗaya don ta fita daga halin tsayarwa, aka sake ajiyewa rabin awa. Wannan karon wayar ta yi ƙara. Abin lura a nan shi ne tsarin: canza abu ɗaya, gwada, sannan ka canza na gaba. Wanda ya kunna komai lokaci guda zai iya dacewa, amma ba zai san wanne ya yi maganin ba, kuma ranar da sabunta tsarin waya ya mayar da wani saiti yadda yake a da, sai ya sake lalube daga farko.

Idan duk manhajoji ne ke makara tare

Idan ba manhaja ɗaya ba ce, WhatsApp da Gmail da Telegram duk suna jinkiri, to zargi ya koma kan layin Google. A wayoyi da yawa, idan ka buga wannan lamba a wurin kira, shafin binciken layin zai buɗe:

```
*#*#426#*#*
```

Idan ya nuna Connected, layin na nan. Idan Disconnected ne alhali kana da data, wani abu ya yanke shi. Ba kowace waya ke amsa lambar ba, Samsung musamman takan yi biris da ita.

Layin kan mutu shiru idan netiwok na rawa tsakanin 4G da 3G, ko idan na'urar Wi-Fi ta yanke shi saboda ya daɗe ba a aika komai ta kansa ba. Wayar ba ta gane ya mutu nan take, sai ta aika saƙon gwaji ta ji shiru, kuma kafin nan mintuna da yawa sun wuce. Kunna Airplane mode ka kashe, layin zai sake haɗuwa. Idan da yin haka saƙonni suka kwararo, ka tabbatar da zarginka. Sannan ka duba cewa ba a hana Google Play services data a bayan fage ba, kuma ka gwada kashe VPN idan kana da shi. Wanda ya sayi datar soshiyal, wadda ta WhatsApp ko Facebook ce kaɗai, ya gwada da datar gama-gari ya ga ko akwai bambanci, domin layin Google ba na WhatsApp ba ne, kuma ƙaramin kunshin na iya ƙin ɗaukar sa.

Akwai wayoyin da ba su da wannan layi tun asali: sababbin samfuran Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019, da wayoyin da aka yi don kasuwar cikin China aka shigo da su. A irin waɗannan, manhajar dole ta riƙe nata layin da kanta, don haka wajibi ne a ba ta cikakken 'yancin batir a kuma kulle ta da kwaɗo, kuma duk da haka wasu manhajojin ba za su riƙa sanarwa a kan lokaci ba.

Alat na banki da ke zuwa ta tes shi kuma hanyarsa daban ce gaba ɗaya. Ba ya bi ta intanet ko ta Google, daga banki yake zuwa kamfanin layi, sannan wayarka. Idan ya makara, babu saitin batir da zai gaggauta shi. Mai shago da ke jiran shaidar biya ya buɗe manhajar bankin ya duba kuɗin da ke asusunsa da idonsa kafin ya miƙa kaya, ko tes ya zo ko bai zo ba.